Na kunna Ray Tracing a RTX 3060, gem ya koma tafiyar hawainiya

Ɗan Malali: Assalamu alaikum jama'a. Wata biyu ke nan da na haɗa kwamfuta, RTX 3060 mai giga 12, furosesa Ryzen 5 5600, allona kuma 1080p ne mai 75Hz. Jiya da daddare na shiga Cyberpunk 2077 na kunna Ray Tracing duka, don in ga abin da ake ta kururutawa. Wallahi ya yi kyau, musamman titi bayan an yi ruwa. Amma FPS ɗina, wato yawan hotunan da kati ke zanawa a daƙiƙa, daga 72 ya faɗo 33. In na juya linzami sai in ji kamar ina jan buhun masara. Katin ne aka sayar mini mai matsala, ko haka abin yake? Kuma in haka yake, ya cancanci a bar shi a kunne?

Na Barnawa: Wa alaikumus salam. Kashe shi kawai ka huta. Dabarar talla ce don a sayar da kati. RT rabin FPS yake ci a kowane gem, kowa ya sani.

Auta: Ni ma nawa haka yake yi, amma sai bayan kamar minti ashirin. Ina bin bayani.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, katinka lafiyarsa ƙalau, abin da ya ba ka shi ne iya ƙarfinsa. Amma kafin a yanke hukunci, ka daina ƙirga FPS tukuna, ka koma ƙirga lokaci. Kowane hoto da kati ya zana yana ɗaukar wasu milisakan, lissafin kuma ba wuya:

```
ms = 1000 / FPS
```

A 72, hoto ɗaya yana cin milisakan 13.9. A 33 yana cin 30.3. Wato RT ya ɗora maka milisakan 16.4 a kan kowane hoto, ya fi duk aikin da katin yake yi a da. Wannan shi ne kuɗin da kake biya. In kana son 60 a tsaye, kasafinka milisakan 16.7 ne kacal, kuma gem ɗin ya riga ya cinye 13.9 tun kafin ka taɓa komai. Canjin da ya rage a aljihunka bai kai milisakan 3 ba, kai kuma ka shiga kasuwa ka ɗauko kayan 16.

Na Barnawa, zancen rabi a kowane gem bai tsaya ba. Akwai wasannin da inuwa kaɗai suke yi da shi, kuɗin kaɗan ne, akwai masu yin hasken duniyar gem ɗin gaba ɗaya da shi. Ko a cikin gem ɗaya, kowane maɓalli farashinsa daban.

Na Barnawa: To Injiniya, ai duk kanwar ja ce. Ko ka ce milisakan ko ka ce FPS, yaro dai ya ce gem ɗinsa yana ja.

Injiniya: Ba ɗaya ba ne wajen yanke shawara. Ka ɗauki saitin da ke cin milisakan 4. Mai samun 144 zai sauko kusan 91, ya yi asarar 53 a ido, amma wasansa na nan sumul. Mai samun 60 zai sauko kusan 48, 12 kawai ya rasa, amma shi zai ji a hannunsa. Kuɗi ɗaya suka biya, aljihu ne ba ɗaya ba. Shi ya sa mai babban kati yake cewa RT ba komai ba ne, mai matsakaici yana kuka, kuma dukansu gaskiya suke faɗa.

Ɗan Malali: Na gane wannan, Yaya. Amma me yake yi ne haka da tsada? Na ɗauka an ce katin RTX akwai wani sashe na musamman a cikinsa don wannan aikin.

Injiniya: Akwai, tun jerin RTX 20 da suka fito a 2018. Sai dai kashi ɗaya na aikin yake ɗauka. Bari in bi da kai.

Yadda aka saba zana gem, kati yana ɗaukar siffofin da ke gaban kyamara ya shafa musu launi, haske da inuwa kuma duk dabara ce. Misali hoton gini da kake gani a cikin ruwan da ya kwanta a titi, in RT a kashe yake, daga abin da ke kan allo ake kwafo shi. Ka gwada da kanka: tsaya gaban kududdufi, ka sunkuyar da kyamara har ginin ya fita daga allo, za ka ga hotonsa a ruwa ya ɓace. Da RT ba ya ɓacewa, domin daga wannan ɗigon ruwan ake harba layi zuwa cikin duniyar gem ɗin a tambaya: me ka ci karo da shi?

Tsadar tana nan. Allonka fiksel 2,073,600 ne. Ko layi ɗaya ka harba daga kowanne, ka haura miliyan biyu a hoto guda, sau sittin a daƙiƙa. Kowane layi kuma sai ya gano abin da ya buga a cikin miliyoyin ƙananan siffofi. Ba zai bi su ɗaya bayan ɗaya ba, don haka ake jera duniyar cikin akwatuna, akwati cikin akwati, kamar mai neman gida a Kaduna: ya fara da unguwa, sai layi, sai ƙofa. Wannan jerin shi ake kira BVH. Binciken cikinsa shi ne abin da sashen RT na katin yake saurin yi.

Abin da ba ya yi ya fi yawa. Duk abin da ya motsa, mota ko mutum, sai an gyara akwatunansa a kowane hoto, kuma furosesa na da hannu a shirya wannan. In layi ya bugi abu, sai an lissafa launin wurin da hasken da ke kansa, wannan kuma sassan katin na yau da kullum ne ke yi, waɗanda dama suna fama da zanen gem ɗin. Layukan maƙwabtan fiksel ma ba waje ɗaya suke nufa ba, wannan ya bugi gilashi, na kusa da shi ya bugi bishiya, aikin ya watse, kati kuwa ya fi sauri in an ba shi aiki iri ɗaya a jere. Daga ƙarshe, tun da layukan ba su da yawa, hoton yakan fito da tsaki-tsaki kamar tsohuwar talabijin da eriya ta goce, sai an bi an goge shi. Gogewar ita ma milisakan take ci.

Hajiyar Zane: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba gem nake yi ba. Zanen gidaje nake yi a Blender, kuma ni da na kunna abin RTX ɗin nan sauri aikina ya ƙara, ba raguwa ba. Hoton falo da nake jira har in idar da sallar la'asar in dawo, yanzu kafin in gama alwala ya fito. Ya aka yi naku yake rage gudu?

Injiniya: Hajiya, ke da mu ba layi ɗaya muke ba. Cycles, injin zanen Blender, dama can da bin layukan haske yake zana komai, ko da kati ko babu. Da kika zaɓi OptiX a Preferences, sai kika miƙa wa sashen RT aikin da ake yi a hankali, shi ya sa kika ga sauri. Mu kuwa gem ɗinmu yana da hanyarsa mai araha, RT ƙarin kaya ne a kanta. Ke ki bar naki a kunne har abada.

Hajiyar Zane: Madalla, na gode. Ku ci gaba da harbe-harbenku.

Injiniya: Ɗan Malali, ga aikin da za ka yi. Kada ka zaɓi saitin da aka haɗa mai suna Ray Tracing: Ultra, domin yana canza wasu abubuwan tare, ba za ka san wanne ya ci kuɗin ba. Ka tsaya a High ɗinka, ka kashe DLSS, wato dabarar Nvidia ta zana ƙaramin hoto a faɗaɗa shi, ka kunna maɓalli ɗaya, ka danna Run Benchmark, ka rubuta, ka kashe shi, ka kunna na gaba. Kawo mana lambobin.

Ɗan Malali: Na dawo. An ɗauke wuta ina tsakiyar na uku, sai da na sake. Komai a kashe 72. Ray-Traced Local Shadows kaɗai 63. Ray-Traced Reflections kaɗai 50. Ray-Traced Lighting a Medium kaɗai 48. Duka tare, Lighting a Ultra, 33. Path Tracing ma na taɓa shi don neman magana, abin ya koma kamar ana nuna hotunan biki ɗaya bayan ɗaya, na kashe.

Injiniya: Yawwa, yanzu muna da abin magana. Mayar da su lokaci. Inuwa 15.9, wato ta ci milisakan 2. Reflections 20, ya ci kusan 6. Lighting 20.8, ya ci kusan 7. Canjinka bai kai 3 ba in kana son 60, saboda haka ba tare da DLSS ba inuwa kaɗai za ka iya saya.

Sai tambaya ta biyu, wadda lamba ba ta amsawa: wanne ka gani da idonka?

Ɗan Malali: Gaskiya Reflections. Gilasan benaye da jikin mota da ruwan titi, nan take na ga bambanci. Inuwar kuwa sai da na ɗauki hoto biyu na jera su kafin na gane. Lighting a cikin ɗaki yana kyau, a waje da rana ban ga wani abin a zo a gani ba.

Injiniya: To ka ga inda matsalar take. Mai arahar ba ka ganinsa, wanda kake gani kuma ya fi kuɗinka. Nan DLSS yake shigowa. Kunna Reflections kaɗai, sa DLSS a Quality, ka sake gwadawa.

Ɗan Malali: 68! Da duka a kunne kuma 51.

Na Barnawa: Ai ga shi nan, abin da nake faɗa. Sai ka rage ingancin hoto kafin ka iya kunna abin da aka ce yana ƙara ingancin hoto. DLSS Quality a 1080p ai 720p ne ake miƙewa. An ba ka da dama an karɓe da hagu.

Injiniya: A nan kana da gaskiya, ba zan yi musu ba. A 1080p, Quality yana zana 1280 sau 720 ne, fiksel 921,600, ƙasa da rabin na asali. Dalilin da ya sa yake sauƙaƙa RT ke nan sosai, tun da yawan layukan yana bin yawan fiksel ɗin da aka zana. Amma ba miƙewa kawai yake yi ba, yana tara bayanai daga hotunan da suka gabata ya cike gurbi. A 1440p sakamakon yana da kyau ƙwarai, a 1080p kuwa akan ga laushi a wayoyin lantarki, shinge da gashi, musamman in ana gudu. Wani bai damu ba, wani ba ya iya jurewa.

Na Barnawa: Ni ina cikin waɗanda ba sa iyawa. Allona inci 27 ne, ina zaune dab da shi, duk wani dishi-dishi ina ganinsa.

Ɗan Malali: Nawa inci 24 ne, kuma wallahi sai na ƙura ido nake gani.

Na Barnawa: Idonka ne, ba zan yi maka gardama a kansa ba. Amma ka yi mako guda a haka, sannan ka kashe duka ka dawo hoton asali, ka zo ka ba mu labari.

Auta: Yayyena ku taimaka min da nawa. Ni ma 3060 ce, a laftof. Ina farawa lafiya, wajen 50, in na ɗan jima ina yawo a gari sai ya fara tsayawa yana ci gaba, wani lokaci fuskokin mutane su zama kamar an shafa laka. In na fita na sake shiga sai ya gyaru.

Na Barnawa: Zafi ne. Watan Afrilu a Kaduna, laftof a kan katifa, me kake jira? Ka buɗe ka kakkaɓe ƙurar hunturun da ta taru a fanka.

Auta: A kan tebur take fa Yaya, har da fanka a ƙarƙashi.

Injiniya: Zafi na iya yi, amma lakar da ya ce tana nuna wani wajen. Auta, suna ɗaya ne amma kati ba ɗaya ba: 3060 ta laftof giga 6 gare ta, ta Ɗan Malali 12. Akwatunan nan da na ce, da kayan gogewa, duk a memorin kati suke zama, ga kuma hotunan jikin abubuwa, wato Texture, da gem ke ta lodawa kana yawo. In ya cika, sai a fara ajiye saura a memorin kwamfuta ana ɗebowa. Memorin 3060 ta tebur yana kai giga 360 a daƙiƙa, hanyar da ke tsakanin kati da kwamfuta kuwa ko a PCIe 4.0 mai layi 16 wajen giga 32 ce. Kamar mai shago ne da kanta ta cika, kowane ciniki sai ya ruga sito.

Ga yadda za ka bambance. Buɗe Command Prompt ka sa wannan, ka bar shi yana gudu kana wasa:

```
nvidia-smi --query-gpu=memory.used,temperature.gpu,clocks.gr,power.draw --format=csv -l 2
```

In zafi ne, lambar zafin za ta hau ta manne a sama, gudun katin ya sauko, FPS ya ragu a hankali amma ba tare da tsalle ba, kuma sake shiga gem ba zai gyara ba sai na'urar ta huce. In memori ne, za ka ga ya doshi 6000 ya tsaya, a Task Manager kuma Shared GPU memory yana hawa, wutar da katin ke ja tana faɗuwa lokacin da ya tsaya, don jira yake yi ba aiki ba.

Auta: Na gwada. Zafi 78, memori 5900 da wani abu, kuma daidai lokacin da ya fara tsayawa wutar tana sauka.

Injiniya: Memori ne. Fita zuwa babban shafin gem ɗin, domin Texture Quality ba ya canzuwa kana cikin wasa, ka sa shi Medium. In ya daina, to. Amma ni a giga 6 shawarata ka kashe RT ka bar Texture a High. Jikin bango da tufafi kana ganinsu a kowane lungu, hoton cikin ruwa sai inda ruwa yake.

Na Barnawa: To na karɓi wannan. Amma ƙurar ma a kakkaɓe.

Mai Shagon Gem: Salam. Ni tambayata daban ce, tun da na ga masana sun hallara. Ina da kwamfuta huɗu a shagona a Tudun Wada, duk GTX 1660 Super. Yara sun dame ni sai na sa musu Doom: The Dark Ages, na sauke, ya ƙi buɗewa sam. Ina ake kashe RT ɗin ne in bai buɗe ba?

Injiniya: Alhaji, ba a kashewa. Wannan gem da Indiana Jones and the Great Circle an gina haskensu a kan RT ne tun tushe, babu wata hanyar ta biyu a ciki. Mafi ƙarancin katin da suka nema RTX 2060 Super ne ko RX 6600, masu giga 8. GTX 1660 ba ta da sashen kwata-kwata.

Mai Shagon Gem: Innalillahi. Datar da na ƙona fa?

Na Barnawa: Ka ga ni, dole za su sa mu.

Injiniya: Sai dai abin lura, waɗannan da suka wajabta shi sun fi sauƙi a kan matsakaicin kati fiye da Cyberpunk da komai a kunne, domin an auna kasafinsu da shi tun farko, har na'urorin wasa na falo suna tafiyar da su a 60. Alhaji, in yaranka ƙwallo da harbin gasa suka fi bugawa, katunanka na nan da amfaninsu, ba wanda ke kunna RT a wasan gasa. In za ka canza, canza ɗaya ka ga ko tana mayar da kuɗinta.

Ɗan Malali: Saura abu ɗaya Yaya. Da inbata nake wasa in babu wuta. RT yana ƙara shan batir?

Na Barnawa: Sosai ma. Aiki ya ƙaru, wuta ta ƙaru.

Injiniya: Ya danganta. 3060 an ƙayyade mata wat 170. In ba ka sa wa FPS iyaka ba, katin yana aiki iya ƙarfinsa ko da RT ko babu, hotuna ne kawai suke yawa ko su ragu, wutar kusan ɗaya ce. Bambancin yana fitowa in ka ɗaure shi a 60. Da DLSS ba RT, katin zai gama hoto da wuri ya zauna yana hutawa kafin na gaba, wuta ta sauka sosai. Da Reflections a kunne yana cin milisakan 14.7 cikin 16.7, hutun kaɗan ne. Ka duba power.draw a umarnin da na ba Auta, ka gwada duka biyun a wuri ɗaya.

Ɗan Malali: Na sa iyaka a 60. Da Reflections yana yawo wajen wat 150, babu shi wajen 105. Amma na lura da wani abu: a cikin kasuwar gem ɗin inda mutane suka yi yawa yana saukowa 55, kuma ko na mayar da DLSS Balanced bai motsa ba.

Injiniya: In ka rage fiksel FPS bai motsa ba, ba katin ke riƙe ka ba, furosesa ce. Duba GPU usage a wurin, za ka ga ya sauka ƙasa da 90. Kowane mutum da ke tafiya a kasuwar sai an gyara akwatinsa, DLSS kuma ba ya rage wannan. Sauke Crowd Density zuwa Medium.

Auta: Frame Generation fa? Abokina mai 4060 yana samun sama da 90 da RT.

Injiniya: Na Nvidia sai jerin RTX 40 zuwa sama, na FSR, wato na AMD, yana aiki a katunanku. Amma hoton da yake sakawa a tsakiya ido yake yi wa daɗi, hannu bai sani ba. In asalin 45 ne, linzami zai ci gaba da nauyin 45 ko allo ya rubuta 90. Kuma shi ma memori yake ci, kai da ke fama da giga 6 kada ka soma. Abokin naka ma giga 8 gare shi, ka tambaye shi ko ba ya ganin lakar bayan awa ɗaya.

Na Barnawa: Shi ya sa har gobe na fi son 3060 mai 12 a kan 4060.

Mai Shagon Gem: Ni kuwa da zan saya 4060 zan ɗauka, wat 115 take ci. Ku ba ku sayen man janareta na kwamfuta huɗu.

Injiniya: Wannan sai ku buɗe masa zance daban, ba za mu gama yau ba.

Ɗan Malali: Crowd Density a Medium, kasuwar ta koma 60, sau ɗaya na ga 58. Na bar Reflections da DLSS Quality, sauran a kashe, in kuma a batir nake zan kashe shi ma. Na Barnawa, na karɓi sharaɗinka, ranar Juma'a mai zuwa zan mayar da hoton asali in gani ko zan yi kewar ruwan titin.

Na Barnawa: Ina nan. Auta, ka sauke Texture ɗin kuwa?

Auta: Na sauke, minti arba'in bai tsaya ba. Amma rigar mutumina ta koma kamar ta gwanjo.